Modulus ya fito ƙarami, giraf bai sauko ba: yadda ake karanta gwajin jan waya har ta tsinke

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Samaru, Zariya. Mun rataya wayar jan ƙarfe mai tsawon mita 2.50 da kaurin milimita 0.38. Mun fara awo da gram 200 a jikinta, muka riƙa ƙara nauyi har ta tsinke a kilo 2.6. Mun lissafa modulus na Young da awon kilo 1.0, inda ta ƙaru da milimita 4.3, sai muka samu 4.0 × 10¹⁰ Pa, alhali littafi ya ce kusan 1.2 × 10¹¹ Pa. Giraf ɗinmu ma bai sauko ba kafin ta tsinke, saɓanin na littafi. Ina kuskurenmu?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Lissafinku daidai yake, wurin da kuka ɗauko awon ne ba daidai ba. A kilo 1.0 wayar ta riga ta wuce yankin da ake auna modulus a cikinsa. Yankin nan gajere ne ƙwarai: a waya irin taku bai kai milimita biyu ba, alhali kafin ta tsinke takan miƙe da ɗaruruwan milimita. Wanda ya gane wannan bambancin girma ya gane rabin gwajin, domin shi ne yake faɗa maka kayan awon da za ka riƙe, da inda za ka ja layi, da kuma dalilin da ya sa giraf ɗaya ba ya isa.

Mu fara da abubuwa ukun da ake lissafawa, tunda duk sauran bayanin a kansu yake tsaye.

Idan ka ce waya ta ɗauki kilo ɗaya, ba ka faɗi komai game da jan ƙarfe ba tukuna, saboda waya mai kauri za ta ɗauki fiye da haka ba tare da ta ji a jikinta ba. Shi ya sa ake raba ƙarfin ja da faɗin bakin wayar, wato faɗin da'irar da za ka gani idan ka datse ta. Wannan shi ne sitires, kuma ana auna shi da faskal:

σ = F / A

Haka nan idan ka ce ta ƙaru da milimita ɗaya, sai an tambaye ka tsawonta na asali, domin waya mai mita biyar za ta ƙaru da ninkin abin da mai mita biyu da rabi za ta ƙaru a nauyi ɗaya. Sai a raba ƙarin tsawon da tsawon asali. Wannan shi ne sitiren, ba shi da ma'auni tunda tsawo ne a kan tsawo:

ε = e / L

Modulus na Young kuwa shi ne sitires a kan sitiren, amma da sharaɗi: a yankin da su biyun suke tafiya kafaɗa da kafaɗa kawai, inda ninka ɗaya yake ninka ɗayan.

E = σ / ε = F L / (A e)

Robert Hooke ne ya wallafa wannan daidaito tsakanin ja da miƙewa a 1678, sunan Thomas Young kuma ya hau kan modulus ɗin bayan bayaninsa na 1807. Sharaɗin nan na yankin daidaito shi ne abin da ɗalibai suka fi tsallakewa. Tsarin lissafin zai karɓi kowace lamba ka ba shi, ya fitar maka da amsa, ko da lambar ta fito daga yankin da tsarin ba ya aiki.

Yanzu mu bi wayarku. Kaurinta 0.38 mm, don haka:

A = π d² / 4 = 3.142 × (0.38)² / 4 = 0.1134 mm² = 1.134 × 10⁻⁷ m²

Kowane gram 100 da aka ɗora yana jan ta da 0.98 N, wato sitires na kusan 8.6 MPa. A Zariya g yana kusa da 9.78, ba 9.81 da wasu littattafai suke rubutawa ba, amma bambancin bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, don haka 9.8 ya wadatar, kada ka ɓata lokaci a kansa. Tunda awo biyu kawai ka turo, zan cike sauran da alƙaluman misali irin waɗanda wayar jan ƙarfe mai laushi ta wannan girman takan bayar, na haɗa da naku a ciki. Lamba ta farko jimillar nauyi ce, ta biyu ƙarin tsawo daga inda aka fara awo:

0.2 kg — 0 mm
0.3 kg — 0.19 mm
0.4 kg — 0.37 mm
0.5 kg — 0.56 mm
0.6 kg — 0.75 mm
0.7 kg — 0.93 mm
0.8 kg — 1.17 mm
0.9 kg — 1.9 mm
1.0 kg — 4.3 mm
1.5 kg — 100 mm
2.0 kg — 250 mm
2.5 kg — 550 mm
2.6 kg — ta tsinke

Kafin ka taɓa takardar giraf, dubi tazarar da ke tsakanin kowane awo da mai bi masa. Daga 0.2 zuwa 0.7 kg, kowane gram 100 yana ƙara 0.18 ko 0.19 mm, ba ya sauyawa. Daga 0.7 zuwa 0.8 ya zama 0.24. Mai bi masa 0.73. Mai bi masa kuma 2.4. Nauyin da ake ƙarawa bai sauya ba, amma amsar wayar ta sauya. Wannan cire lamba daga lamba shi ne hanya mafi sauƙi ta gane inda miƙaƙƙen layi ya ƙare, kuma ina ba da shawarar a riƙa yin sa tun a ɗakin gwaji, ana ɗora nauyi ana cirewa, don a san halin da wayar take ciki tun kafin a lalata ta.

Modulus daga awo shida na farko kawai yake fitowa. Ka sa ƙarfin ja a tsaye, ƙarin tsawo a kwance, ka ja layin da ya fi dacewa da ɗigo shidan, ka ɗauki gangararsa da babbar kusurwa uku. A nan ƙarin 0.5 kg, wato 4.9 N, ya ba da 0.93 mm:

gangara = 4.9 / (0.93 × 10⁻³) = 5.27 × 10³ N/m

E = gangara × L / A = 5.27 × 10³ × 2.50 / (1.134 × 10⁻⁷) = 1.16 × 10¹¹ Pa

Ga amsar littafi ta fito daga waya ɗaya da taku. Ku kuwa kun ɗauki ƙarin 0.8 kg, wato 7.84 N, kuka raba da 4.3 mm, gangara ta zama kusan 1.8 × 10³ N/m, kashi ɗaya cikin uku na gaskiya. Da wayar ta ci gaba da bin miƙaƙƙen layi, da a kilo 1.0 ƙarin tsawonta kusan 1.5 mm ne. Ragowar 2.8 mm ɗin miƙewa ce ta dindindin wadda ba ta da alaƙa da modulus, kuma ita ce ta cika muku ƙasan lissafi har amsa ta faɗo.

Wani abu da ke rikita mutane a nan: idan ka zana jimillar nauyi, layin ba zai bi ta sifili ba, tunda awo ya fara ne da gram 200 a rataye. Wannan ba matsala ba ce. Gangara muke nema, ba mahaɗar layi ba. Kada ka karkata rula don ka tilasta layin ya bi ta sifili, yin haka yana ɓata gangarar.

Me yake faruwa a cikin ƙarfen da ya sa hali ya sauya? Ƙwayoyin atom na jan ƙarfe a jere suke sahu-sahu. A ƙaramin ja, kowace ƙwaya tana ɗan nisanta ne kawai daga maƙwabciyarta, ba ta barin gurbinta. A 0.7 kg sitires ɗin kusan 60 MPa ne, sitiren kuwa kusan 0.0005, wato tazarar ƙwayoyin ta ƙaru da kashi ɗaya cikin dubu biyu. Ka cire nauyi, su koma. Modulus yana auna ƙarfin riƙon da ke tsakanin ƙwayoyin ne, shi ya sa ba ya sauyawa sosai ko wayar mai laushi ce ko mai tauri. Da ja ya ƙaru, sai sahu ya fara zamewa a kan sahu. Ba gaba ɗaya sahun yake zamewa lokaci guda ba. Akwai wuraren da jerin yake da tangarɗa, kuma tangarɗar ce take tafiya gurbi bayan gurbi har sahun ya gusa. Ƙwayar da ta gusa ta sami sababbin maƙwabta, ba abin da zai mayar da ita idan ka cire nauyi. Wannan ita ce miƙewar dindindin.

Littattafai sukan jera wurare uku kusa da juna a wannan lanƙwasa, kuma yana da kyau ka san yadda ake gane kowanne a aikace. Na farko iyakar daidaito, inda ɗigo suka fara barin miƙaƙƙen layi. A misalinmu tsakanin 0.7 da 0.8 kg. Da ido ake ganin ta a giraf. Na biyu iyakar komawa, wato mafi girman ja da wayar za ta ɗauka ta kuma koma tsawonta idan an sauke. Wannan ba a ganin ta a giraf na ɗora nauyi, komai kyansa. Dole sai ka sauke nauyin ka duba ko awo ya koma sifili. Na uku wurin sallamawa, inda ƙaramin ƙari yake jawo babbar miƙewa.

A jan ƙarfe wurin sallamawa ba shi da kaifi, lanƙwasa ce a hankali. Zanen da kuka saba gani mai ɗan tsini sannan ya ɗan faɗo ya kwanta, na baƙin ƙarfe mai laushi ne irin na rodin gini, kada ku neme shi a wayarku. Ga ƙarafan da ba su da wannan tsini, injiniyoyi sun yarda da wata ƙa'ida: a ja layi mai tafiya daidai da miƙaƙƙen layin farko, amma a fara shi daga sitiren 0.002, inda ya yanki giraf ɗin nan ne wurin sallamawa. A waya mai mita 2.50, sitiren 0.002 milimita 5 ne. Tunda a kilo 1.0 miƙewar dindindin ta kai 2.8 mm kuma tana ƙaruwa da sauri, layin zai yanki giraf ɗan sama da kilo 1.0, kusan 90 MPa.

Daga nan sai dogon yanki, wanda shi ne mafi yawan giraf ɗin. Abin lura shi ne wayar ba ta tsinke da ta sallama ba. Ta sallama a kusan kilo ɗaya, amma ta ci gaba da ɗaukar nauyi har kilo biyu da rabi. Dalili shi ne tangarɗun nan suna yawaita yayin da ake jan ƙarfen, suna cin karo suna tare wa juna hanya, sai zamewa ta ƙara wuya. Ƙarfen yana ƙara tauri saboda wahalar da ya sha. Za ka iya jin haka da yatsunka: lanƙwasa wayar jan ƙarfe ka miƙar da ita sau da yawa a wuri ɗaya, wurin zai yi tauri kafin ya karye.

Akwai gwajin da nake son kowane ɗalibi ya yi a wannan yanki, saboda yana koyar da abin da bayani ba ya koyarwa. A kilo 1.5, inda wayar ta ƙaru da 100 mm, sauke nauyin ɗaya bayan ɗaya har zuwa gram 200. Za ta dawo da kusan 2.5 mm kawai, sauran 97 da ɗoriya sun zauna. Idan ka zana ɗigon saukewar, ba za su bi lanƙwasar da aka hau ta ba, za su sauko a miƙaƙƙen layi mai gangara kusan iri ɗaya da ta farko. Ka sake ɗorawa, su hau ta wannan layin, kuma wayar ba za ta sake sallamawa ba sai ta kai kusan kilo 1.5. Wurin sallamawa ya tashi sama, modulus yana nan inda yake. A nan ne ake gane cewa ƙin miƙewa daban, ƙarfin jure ja daban. Wayar jan ƙarfe da aka ja ta da tauri a masana'anta ba a gasa ta ba takan kai wajen 400 MPa kafin ta tsinke, wato fiye da kilo huɗu a kaurin taku, ta tsinke ba tare da ta miƙe sosai ba, amma gangarar layinta na farko kusan ɗaya ce da ta mai laushi.

A wannan yanki kuma lokaci ya shigo cikin awo. Ka ɗora nauyi, wayar za ta ci gaba da miƙewa a hankali na daƙiƙoƙi, wani lokaci mintuna. Idan wani ya karanta nan take wani kuma ya jira minti biyu, lambobinsu ba za su zo ɗaya ba. Ku tsayar da ƙa'ida guda, misali minti ɗaya bayan kowane ƙari, ku rubuta ta a rahoto.

Sai tsinkewa, da tambayarka ta biyu. Mafi girman sitires da wayarku ta ɗauka:

σ = 2.6 × 9.8 / (1.134 × 10⁻⁷) = 2.25 × 10⁸ Pa

Wato 225 MPa, kuma ya dace da jan ƙarfe mai laushi, wanda yakan tsaya tsakanin 200 da 250 MPa. Gaskiyar magana ƙarfin nata yana tsakanin na kilo 2.5 da ta ɗauka da na 2.6 da ta kasa, wato tsakanin 216 da 225 MPa; idan ana son a matse tazarar, sai a koma ƙara gram 20 ko 50 idan an zo kusa.

Yayin da waya take tsawo tana sirancewa, domin yawan ƙarfen bai ƙaru ba. A kilo 2.5 sitiren ɗinta 550/2500 ne, wato 0.22, don haka faɗin bakinta ya ragu zuwa 0.1134/1.22, kusan 0.093 mm². Abu biyu ne suke ja-in-ja: taurin da ƙarfen yake ƙarawa yana taimakonta, sirancewa tana raunana ta. Muddin tauri ne a gaba, duk wurin da ya fara sirancewa fiye da saura yakan yi tauri ya tsaya, miƙewar ta koma wani wuri, shi ya sa wayar take sirancewa bai ɗaya. A ƙololuwar giraf sirancewa take yin rinjaye. Wuri guda mafi rauni ya tsuke ya yi wuya, kamar alewar da ake ja tana zafi, sitires a wurin ya hauhawa, ya ƙara tsukewa, har ya rabu.

Saukowar da kuke gani a littafi tana zuwa ne bayan wannan wuya ya fara. Ana samun ta da injin gwaji wanda yake jan ƙarfe da ƙayyadadden sauri yana auna ƙarfin da ake bukata. Da wuya ya fito, ƙarfin da ake bukata don ci gaba da ja yana raguwa, injin ya rubuta raguwar, layi ya sauko. Nauyin da aka rataya ba ya raguwa. Kilo 2.6 kilo 2.6 ne ko wayar ta yi wuya ko ba ta yi ba, don haka da zarar ta wuce ƙololuwa komai yana ƙarewa cikin ƙiftawar ido, ba wanda zai iya karanta awo. Giraf ɗinku da ya tsaya a sama ba kuskure ba ne, iyakar abin da wannan gwajin zai iya nunawa ke nan. Ku sa alamar tsinkewa a ɗigon ƙarshe, kada ku ƙirƙiri saukowa da hannu don ya yi kama da littafi. Ita kanta saukowar ta littafi ta samo asali ne daga raba ƙarfi da faɗin bakin wayar na asali. Da ana rabawa da faɗin da ya rage a lokacin, da layin ya ci gaba da hawa: a kilo 2.5 ma sitires na haƙiƙa 216 × 1.22 ne, kusan 264 MPa.

Bayan ta tsinke akwai sauran awo. Haɗa bakunan biyu ka auna tsawon ƙarshe. Idan ta ƙaru da kusan 700 mm, sitiren ɗin tsinkewa 0.28 ke nan, kashi 28 cikin ɗari, kuma kaurinta nesa da wurin tsinkewa zai sauko zuwa kusan 0.34 mm. Duba bakin da gilashin ƙara girma: ƙarfen da ya miƙe kafin ya rabu bakinsa yakan tsuke ya yi tsini. Idan kuwa a daidai bakin matsewa ta tsinke, ko a kan ƙulli, to matsewar ce ta ji mata rauni, lambar da kuka samu ta gaza ƙarfinta na gaskiya, sai a sake da sabuwar waya.

Yanzu ka kwatanta girman yankunan biyu. Yankin komawa kusan 1.3 mm ne idan aka lissafa daga babu nauyi, yankin dindindin kusan 700 mm. Idan ka shimfiɗa 700 mm a faɗin santimita 20 na takardar giraf, 1.3 mm zai ci ƙasa da rabin milimita, kaurin layin fensir. Miƙaƙƙen layin zai manne da layin tsaye, ba za ka iya ɗaukar gangararsa ba. Saboda haka giraf biyu ake zanawa: ɗaya daga sifili zuwa kamar 2 mm don modulus da iyakar daidaito, ɗaya daga sifili zuwa tsinkewa don sallamawa, ƙololuwa da yawan miƙewa. Filin da ke ƙarƙashin layin ƙarfi da ƙarin tsawo shi ne aikin da aka yi a kan wayar, kuma shi ma yana nuna wannan tazara. A yankin komawa ½ × 6.86 N × 0.0013 m ne, kusan 0.0045 J, kuma wayar tana mayar da shi idan an sauke. Zuwa tsinkewa kuwa, matsakaicin ja na kusan 20 N a kan 0.7 m ya ba da wajen 14 J, ninki dubu uku, kuma mafi yawansa zafi ya zama.

Kayan awo ma biyu ne. Rula mai rabon milimita ta isa yankin dindindin, amma a yankin komawa, inda kowane mataki 0.19 mm ne, ba ta ganin komai. Sikelin baniya mai 0.1 mm yana gani da ƙyar. Abin da ya dace shi ne na'urar Searle: wayoyi biyu iri ɗaya a rataye daga katako ɗaya, ɗaya tana ɗauke da nauyin da ba ya sauyawa, ɗaya ana ƙara mata, a tsakaninsu akwai ma'aunin ruwa mai kumfa da maikuromita mai 0.01 mm. Ka ƙara nauyi, kumfa ta gusa, ka murɗa maikuromita har ta dawo tsakiya, abin da ka murɗa shi ne ƙarin tsawo. Ka riƙa zuwa tsakiyar daga ɓangare ɗaya kullum, saboda sukurun yana da ɗan wasa.

Waya ta biyun ba ado ba ce. Idan katakon sama ya ɗan lotsa, duka biyun suke saukowa tare, kumfa ba ta gani. Haka zafi. Jan ƙarfe yana ƙaruwa da kusan 17 × 10⁻⁶ na tsawonsa a kowane digiri ɗaya. A lokacin hunturu a Zariya, ɗakin da aka shiga da sanyin safe zai iya ɗumama da digiri biyar kafin azahar, musamman mai rufin kwano. A mita 2.50 wannan 17 × 10⁻⁶ × 2500 × 5 ne, wato 0.21 mm, ya fi abin da gram 100 yake jawowa. Mai waya ɗaya zai rubuta wannan a matsayin miƙewa. Idan ba ku da na'urar Searle, ku yi awon yankin komawa cikin mintuna kaɗan, nesa da taga da hasken rana, a kashe fanka, kada kuma kowa ya riƙe wayar da hannu.

Don gwajin tsinkewa, maikuromita ba ta da tsawon da za ta bi ɗaruruwan milimita. A kwantar da waya a kan benci, a matse baki ɗaya tsakanin katakai biyu, ɗaya bakin ya bi ta kan fuli ya sauka, a manna ɗan tef a jikinta kusa da rula. Tsawon L daga matsewa ne zuwa tef, ba zuwa nauyi ba. Ku tabbata akwai sararin da nauyin zai sauka bai taɓa ƙasa ba. Idan bencin gajere ne, a yi da waya mai mita ɗaya daga naɗi ɗaya, tunda sitiren ne za a kwatanta. A sa tabarau na kariya, domin bakin waya yana tsalle idan ta tsinke, a ajiye kwali mai yashi a ƙarƙashin nauyin, kowa ya janye ƙafarsa.

Idan kun sake gwajin da ɗigon da suka dace amma amsa ta ci gaba da yin ƙasa, ga inda za ku duba. Kusan duk kurakuran wannan gwaji ƙasa suke jan modulus, saboda kusan dukkansu ƙarya suke ƙarawa a kan ƙarin tsawo. Lanƙwasar da waya ta taho da ita daga naɗi tana miƙewa a nauyin farko. Alamarta ita ce ɗigon farko su kwanta sannan layi ya miƙe, maganinta nauyin fara awo da kuma watsar da ɗigon da suka kwanta. Zamewa a bakin matsewa tana zuwa da tsalle guda a awo, kuma ba ta dawowa. Ɗiga fenti a wayar daidai bakin matsewa, in ya gusa ka sani. Sannan wayar kanta. Wadda masu naɗin koyil na fanka da injin ruwa suke amfani da ita, irin ta kasuwar Sabon Gari, jan ƙarfe ce mai kyau amma tana da rufin fenti mai hana wuta wucewa. Maikuromita tana auna har da rufin, shi kuwa ba ya ɗaukar nauyin kirki. Idan ka auna 0.41 mm alhali ƙarfen 0.38 ne, faɗin da ka lissafa ya haura da kashi 16 cikin ɗari, modulus ya faɗo da kusan kashi 14. A ɗauki guntu daban daga naɗin, a cire rufin a hankali, a auna shi.

Girman kuskuren ma yana nuna tushensa. Amsar da ta zo kashi ɗaya cikin huɗu na ta littafi, an sa kauri a gurbin rabin kauri a πr². Wadda ta gaza da kusan ninki goma, an manta a ninka kilo da 9.8. Wadda ta kauce da miliyan, an bar mm² ba a mayar da shi m² ba.

Kauri shi ne awon da ya fi cancantar haƙurinku, saboda ana ninka shi da kansa. Kuskuren 0.01 mm a kan 0.38 kashi 2.6 ne cikin ɗari, a faɗin baki ya zama 5.3. Kuskuren milimita biyu a tsawon mita 2.50 bai kai kashi 0.1 ba, na gangara kuma kusan kashi 2. Don haka a rufe maikuromita a duba ko tana kan sifili, a auna a wurare uku ko fiye a tsawon wayar, kowane wuri sau biyu a gicciye ko da ba cikakkiyar da'ira ba ce, a murɗa da ɗan kan da yake yin ƙara kawai don kada a matse ƙarfe mai laushi. Jimillar rashin tabbas kusan kashi 7 ce cikin ɗari, don haka a rahoto a rubuta E = (1.16 ± 0.08) × 10¹¹ Pa, ba jerin lambobi takwas na kalkuleta ba. Wayar da kuka riga kuka ja ta sauya kauri da tsawo, saboda haka ku yanko sabuwa, ku tsaya a gram 600 ko 700, ku karanta awo a hawa da sauka, ku tabbatar ya koma sifili kafin ku wuce zuwa gwajin tsinkewa.